An ce kada silayid ya wuce kalma 30, na yanke na yanke har maganar ta daina ma'ana

Hauwa'u: Salamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman taimako. Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta mata masu turara shinkafa, ran Alhamis za mu je gaban mutanen da suka ba mu bashin juyawa mu yi musu bayanin inda aka kwana, to shi jami'in da ke kula da mu ya ce kowane silayid kada ya wuce kalma 30 har da kan maganar, kuma minti goma kacal za a ba mu. Ga jimlar da ke cikin rahotonmu na takarda:

"Daga cikin mata 60 da suka karɓi bashin a watan Maris, 45 sun gama biya kafin ƙarshen Satumba, 10 suna kan biya, sauran 5 ba su fara ba saboda injin casar ƙauyensu ya lalace har wata biyu, amma sun yi alƙawarin farawa bayan girbi."

Kalma 44 kenan. Sai na mayar da ita haka:

Biyan bashi
Mata 45
Jinkirin biya
Matsalar inji
Bayan girbi

Da na nuna wa shugabarmu sai ta ce ita kanta da ta san zancen ba ta gane ba, wai mata 45 ɗin ne suka yi jinkiri ko yaya. Ta ina ake yankewa ba a ɓata magana ba?

Abba: Wslm Anti. Ai akwai doka, 6x6 ake ce mata, layi shida a silayid, kowane layi kalma shida, iyakarta 36 kenan. Abin da kika yi daidai ne wlh, silayid ba wajen karatu ba ne, tunatarwa ce kawai, ke za ki cike sauran da baki. Duk wani "da", "sun", "a", "na" cire su ake yi a bar manyan kalmomi. Shugabar taku don ba ta ji bayanin bakinki ba ne.

Ɗanjuma: Ki rage girman rubutun kawai ya koma 12 ko 14, duka jimlar za ta shiga har da sauran fili. Ma PowerPoint ɗin da kansa yana ragewa in kika ci gaba da rubutu.

Hauwa'u: Yaya Ɗanjuma ba fili ne matsalar ba, kalmomin aka ƙayyade, ko na mayar da su ƙanana kamar tururuwa 44 ɗin suna nan.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Hauwa'u, bari in fara da naki kafin mu zo kan dokar Abba. Ki duba abin da kika cire, ba kalmomin banza kika cire ba, waɗanda ke ɗauke da maganar kika cire, kika bar sunayen abubuwa tsirara. "Mata 45" ba su yi komai ba a silayid ɗinki, ba a ce sun biya ba, ba a ce ba su biya ba, kuma 60 ɗin ta ɓace, alhali 45 ba ta da ma'ana sai da 60, don 45 cikin 60 labari ne mai daɗi, 45 cikin 300 kuwa tashin hankali ne. Sannan layin da ke bin "Mata 45" shi ne "Jinkirin biya", ido kuma haɗa maƙwabta yake yi, shi ya sa shugabarku ta karanta cewa 45 ne suka yi jinkiri. Ba laifinta ba ne, abin da silayid ɗin ya faɗa kenan.

Abba kuma, inda na saɓa da kai shi ne cire "sun". A Hausa wannan 'yar kalmar ita ke gaya maka wa ya yi kuma yaushe. Sun biya, suna biya, za su biya, su biya, ba su biya ba, magana biyar ce daban-daban, in ka dunƙule su ka ce "biyan bashi" duk biyar ɗin sun zama ɗaya, mai karatu sai ya zaɓi wadda ransa ya ba shi. Wanda ya ba da kuɗinsa kuwa mafi munin zai zaɓa.

Abba: Malam na ji, amma ai tana tsaye a wajen tana magana, ba wasiƙa ta aika ba. In ta ce da baki "mata 45 sun gama biya" ai shikenan.

Hajiya Rabi: Abba ɗana, ni shekaruna a ɓangaren lissafi na yi su, kuma irin wannan zaman ina ɓangaren masu saurare nake zama. Bari in gaya maka abin da ke faruwa. Ana gama taro wani zai ce a turo mana silayid ɗin, a tura ta WhatsApp, shi kuma ya tura wa ogansa da bai zo ba, kuma ogan nan shi zai sa hannu a kan ko a ƙara musu kuɗi ko kar a ƙara. Zai buɗe a waya cikin mota, babu Hauwa'u babu bakinta, ya ga "Mata 45, jinkirin biya, matsalar inji". Me kake so ya yanke? Ni ban taɓa ganin an tura bayanin baki tare da fayil ba.

Abba: Wannan gsky ne Hajiya, amma to ai sai a tura rahoton takarda, ba aikin silayid ba ne.

Hajiya Rabi: A tura, na yarda, amma wanda ya ga shafi goma sha biyar da silayid takwas, silayid ɗin zai buɗe.

Malam Bashir: To mu yi aikin a nan kowa ya gani. Hauwa'u, kafin ki taɓa kalma ko ɗaya ki tambayi kanki, in mutumin nan abu ɗaya tak zai riƙe daga silayid ɗin, mene ne? Ni a ganina shi ne yawancin matan sun gama biya a kan lokaci. Wannan shi zai hau sama a matsayin kai, kuma cikakkiyar jimla ce mai aikatau, ba "Biyan bashi" ba:

Zuwa ƙarshen Satumba, mata 45 cikin 60 sun gama biyan bashi

Kalma 11. Mutane na ganin asara ce a kashe 11 cikin 30 a kan kai kaɗai, amma shi ne ke ba sauran layukan damar gajarta, tunda ya riga ya faɗi mata ne, bashi ne, 60 ne, ba sai an sake maimaitawa ba. Sai na ƙasa:

10: suna kan biya
5: ba su fara ba, injin ƙauyensu ya lalace
Su 5: alƙawarin farawa bayan girbi

Huɗu, tara, shida, a haɗa da sha ɗaya, 30 cif. Kin ga abin da ya fita: "daga", "da suka karɓi", "a watan Maris", "sauran", "saboda", "amma". Su waɗannan ko dai masu sauraron sun riga sun sani, tunda su suka ba da kuɗin a Maris, ko kuma jerin layukan ya yi aikinsu. Abin da ban yarda ya fita ba shi ne lamba da abin da ake auna ta da shi, da ba...ba ɗin korewa, da sun da suna, da kuma wanda abin ya shafa.

Abba: Layin ƙarshen nan za a iya cewa "Za su fara bayan girbi", kalma biyar, an samu rarar ɗaya, kuma ya fi daɗin karantawa.

Malam Bashir: Ya fi daɗi amma ya canza magana. A rahoton matan ne suka yi alƙawari. In aka rubuta "za su fara", ƙungiya ce ta tabbatar, ranar da girbi ya wuce ba su fara ba Hauwa'u za a nuna wa silayid ɗinta a ce ke kika ce. Sannan "su" ɗin su waye, biyar ɗin ko sha biyar ɗin da ba su gama ba? Shi ya sa na maimaita "Su 5".

Hajiya Rabi: Malam ni abin da ya tsaya min shi ne "wata biyu" da ka cire. Inji ya lalace, to kwana nawa? In kwana uku ne ba uzuri ba ne, wata biyun nan shi ne hujjar matan gaba ɗaya. Ni da ni ce da "ƙauyensu" zan cire in sa "wata 2".

Malam Bashir: Na yi tunanin haka Hajiya, abin da ya hana ni shi ne in aka ce "inji ya lalace" kawai, mai ba da bashi zai iya ɗauka injin ƙungiya ne, wataƙila ma wanda aka saya da kuɗinsa, sai tambaya ta koma ina kulawarku da kayan aiki. Hauwa'u injin na waye?

Hauwa'u: Na wani mutum ne a ƙauyen, biyan sa suke yi ya cashe musu, mu ba mu da inji. Kuma gsky Hajiya ta yi daidai, wata biyun nan ne ya karya su don shanshera ta taru musu ba su sayar ba.

Hajiya Rabi: To kin gani 'yata. Duka biyun ana buƙata.

Malam Bashir: In duka biyun ana buƙata, to alama ce silayid ɗin abu biyu yake son faɗa, kuma maganinsa a raba shi, ba a ci gaba da matse shi ba. Na farko ya tsaya a kan 45, 10, 5. Na biyu ya ɗauki labarin biyar ɗin shi kaɗai, da kai kamar "Mata 5 ba su fara biya ba saboda injin casar ƙauyensu ya tsaya wata 2", ƙasansa a sa cewa injin ba na ƙungiya ba ne, da alƙawarin bayan girbi. Jami'in iyakar kalma ya sa, bai sa iyakar silayid ba ai. Lokacin magana ɗaya ne, abin da za ki faɗa cikin minti ɗaya da rabi a kan silayid guda shi za ki faɗa a kan biyu.

Hauwa'u: Bai ce komai kan yawan silayid ba, amma ina tsoron ware wa matsalar silayid guda ya zama kamar na haska ta da yawa, mata biyar ne fa cikin sittin.

Hajiya Rabi: Wannan tsoron naki yana da hujja. Amma su masu kuɗi dama kan biyar ɗin nan za su yi tambaya, ba kan 45 ba, gara su tarar kin shirya amsa.

Zainab: Ni ma bari in sako nawa tunda an taɓo. Lokacin da zan kare aikina na kammala digiri malamin da ke duba ni ya ce kalma 25 a silayid, sai sakamakona da ke cewa ban samu wata alaƙa mai ƙarfi ba tsakanin yawan awannin karatun dare da makin ɗaliban da na tambaya ya koma "Alaƙar karatun dare da maki". Ɗaya daga cikin masu jarrabawar yana ta duba takarda bai ji farkon maganata ba, yana ɗago kai ya ce to tunda kin samu alaƙa nuna mana ƙarfinta, wlh sai da na shafe kusan rabin lokacina ina warware abin da ban faɗa ba. Tun daga nan in sakamako "babu" ne, kalmar farko a layin "babu" nake sawa.

Malam Bashir: Zainab naki ma ya fi na Hauwa'u haɗari, don korewa ita ce abu na farko da ke mutuwa in aka mayar da jimla suna. "Ba a samu alaƙa ba" in ka cire aikatau, ba ɗin biyu sun tafi tare da shi, abin da ya rage kishiyar maganar yake nunawa. "Babu alaƙa mai ƙarfi" kalma huɗu ce kawai, ba ta cin komai. Sai dai ki lura da "ɗaliban da na tambaya", shi ma in ya fita kin koma kina magana a kan duk ɗaliban duniya. Ko a ƙasan silayid ne a sa adadinsu da ajinsu.

Abba: To Malam ita 6x6 ɗin ƙarya ce kenan? Don a duk horon da na je ita ake koyarwa, wasu ma 7x7 suke cewa.

Malam Bashir: Ba ƙarya ba ce, tana hana mutum kwafe rahoto ya liƙa a bango, wannan amfani ne babba. Amma kai da kanka ka ce wasu 6 wasu 7, wasu ma 5 suke cewa, ka ga al'ada ce ta masu horo, ba ma'auni ba ne da dole sai shi. Matsalarta a wurina "kalma shida a kowane layi" ne. Layin Hauwa'u na biyu kalma tara ne kuma yana buƙatar taran, na farko huɗu ne kuma ya ishe shi. Iyaka a kan silayid gaba ɗaya ta fi iyaka a kan layi, tana barin ka ka kashe kalmomi inda ake buƙata. Kuma da Turanci aka yi lissafin, Hausa tana da ƙananan kalmomi da yawa da ake rubutawa a rabe, "ba su fara ba" kalma huɗu ce amma harafi goma ne kawai, ba ta kai tsawon "alƙawarin farawa" ba da take kalma biyu. Don haka ni in Hausa nake rubutawa layi nake ƙirgawa: kai kada ya wuce layi biyu, kowane ɗigo kada ya wuce layi biyu, ɗigo uku ko huɗu, rubutun kuma kar ya gaza 24.

Ɗanjuma: To ai maganar girman rubutu ta dawo, abin da na fara faɗa kenan.

Malam Bashir: Ta dawo amma ta ɗaya gefen Ɗanjuma. Kai ka ce a rage girma don kalmomi su shiga, ni cewa nake a kafe girma don kalmomi su fita. Guy Kawasaki da ya yi dokar 10/20/30 don masu neman jari, silayid 10, minti 20, rubutu kar ya gaza 30, dabarar ke nan, in rubutu ya yi girma haka fili da kansa zai hana ka surutu. Kuma wancan ragewar da PowerPoint ke yi da kansa ita ke ruɗin mutane, kana rubutu yana matsewa ba ka sani ba sai an haska a bango na baya ya kasa gani. A kashe shi: danna dama a kan akwatin rubutu, Format Shape, Text Options, Text Box, a zaɓi Do not Autofit. Daga nan in rubutu ya zubo waje ka san ka wuce gona da iri.

Ɗanjuma: Ni dai a laftof 14 yana karantuwa ras.

Hajiya Rabi: A laftof ɗinka da ke gaban hancinka. Ka je ɗakin taro da rana tsaka, labule ba ya rufuwa, firojekta ya tsufa, ana haskawa a farin bango, ni da tabarau a layi na huɗu.

Isuhu: Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan wata matsalar ce a kai, silayid da Faransanci muke rubutawa saboda masu ba da tallafi, bayani kuma da Hausa saboda manoman da ke zaune. To in aka gutsure jimlar Faransancin ta zama sunaye zalla, mai fassara ko wanda aka ba ya gabatar a madadinka sai ya ƙirƙiro aikatau da kansa, abin da aka shirya yi ya ce an yi. Na ga an tafa wa rijiyar da ba a haƙa ba tukuna. Yanzu duk layi sai na sa masa alamar an gama, ana kai, ko ba a fara ba. Malam ko akwai wata dabara da ta fi wannan?

Malam Bashir: Isuhu dabararka ita ce daidai, ka mayar da lokacin da gutsurewa ta cinye. Abin da zan ƙara kawai, cikakkiyar jimlar asali kada a jefar da ita, a sa ta a Notes na silayid ɗin, wanda zai gabatar yana ganinta a Presenter View jama'a ba sa gani. In za a tura wa wanda bai zo ba kuma, a fitar da Notes Pages wajen bugawa, kowane shafi silayid a sama jimlolin a ƙasa. Wannan ya rage damuwar Hajiya ma.

Hajiya Rabi: Ya rage, bai kawar ba. Sau nawa aka ce sakatare ya turo, ya turo hoton allo da ya ɗauka da waya.

Abba: Ni fa har yanzu ina ganin ana ƙara wa abin gishiri, gajarta layi a silayid ai ba kisa ba ne.

Malam Bashir: A taron ƙungiya ba kisa ba ne, amma akwai misalin da ake koyarwa a kai. Kumbon Columbia na NASA ya tarwatse ranar 1 ga Fabrairu 2003 yana dawowa duniya, mutum bakwai suka mutu. Tun lokacin tashi wani gutsuren kumfa mai kama da soso da aka lulluɓe tankin mai da ita ya ɓalle ya bugi fiffiken hagu, kuma kumbon yana sama injiniyoyin Boeing suka yi wa manyan NASA bayani da silayid. Edward Tufte, masanin yadda ake gabatar da bayanai, ya bi ɗaya daga ciki layi-layi, kwamitin binciken hatsarin ma ya sa sharhin a rahotonsa. Kan silayid ɗin yana ba da alamar kwanciyar hankali, amma can ƙasa a ƙaramin ɗigo na ƙarshe aka rubuta cewa girman kumfar da ake zargi inci kubik 1920 ne, wadda aka yi gwaji da ita kuwa inci kubik 3, wato ta ninka ta sau 640, gwajin bai ma shafi abin da ya faru ba. Maganar da ya kamata ta zama kai ita aka binne.

Zainab: Amma Malam na taɓa ganin hoton silayid ɗin nan, cike yake da rubutu fa, ba gajere ba ne. Ai wannan hujjar Abba ce, da sun bi iyakar kalma da ba haka ba.

Malam Bashir: Cike yake, gaskiyarki, kuma ban ce silayid ne kaɗai ya jawo hatsarin ba, rahoton ya kawo dalilai da yawa na yadda hukumar ke yanke shawara. Abin da nake nunawa shi ne rubutun duk gutsattsari ne ɗigo a ƙarƙashin ɗigo, babu jimla ɗaya da ta fito ta ce gwajinmu bai kai girman wannan ba don haka ba mu da tabbas. Da an ce su rage zuwa kalma 30 ba tare da sun fara zaɓar babbar maganar ba, layin ƙarshen nan ne zai fara fita tunda shi ne mafi ƙanƙanta. Shi ya sa nake cewa zaɓin kai yana gaba da ƙirga. Michael Alley na jami'ar Penn State a kan wannan ya gina tsarinsa, kai ya zama jimla mai da'awa da ba ta wuce layi biyu ba, ƙasa kuma hujja, hoto ko jadawali maimakon jerin ɗigo.

Zainab: Ban gamsu gaba ɗaya ba, ina ganin cunkoson ma ya taimaka wajen ɓoye layin, amma na fahimci inda ka dosa.

Hauwa'u: Ngd sosai, ga na gaba kafin ku watse dan Allah, shi ne na neman ƙari. Asali: "Idan muka samu wurin shanya mai rufi kafin damina, za mu iya ci gaba da aiki a watannin ruwa maimakon tsayawa kamar bara." Na mayar da shi "Aiki da damina" da "Wurin shanya".

Abba: Bari in gwada a bisa tsarin Malam. Kai: "Da wurin shanya mai rufi, za mu yi aiki har da damina". Ƙasa: "Bara: mun tsaya da damina". "Buƙata: a gama kafin ruwa ya sauka".

Malam Bashir: Abba wannan ya yi kyau, "da" ɗin farko ya ɗauke aikin "idan", kuma ka riƙe sharaɗin lokaci wanda shi ne ke sa su gaggauta. Abu ɗaya ya zame, "iya". Ita ta ce za mu iya, kai ka ce za mu yi. Wurin shanya ba shi kaɗai ne sharaɗi ba, akwai samun shanshera da damina da farashinta da itacen turarawa.

Hajiya Rabi: A nan kam ina bayan Abba. Mai neman kuɗi ba ya zuwa da "iya", in kai ba ka da tabbas ni me zai sa in bayar? Kan silayid ya fito da ƙarfi, in sun tambaya ta yi bayanin sauran.

Malam Bashir: Hajiya ɗazu ke kika ce ogan da bai zo ba silayid kaɗai zai gani, to shi zai riƙe "za mu yi" ya zo baɗi yana nema.

Hajiya Rabi: Na faɗa, kuma ban janye ba. Amma rahoton abin da ya faru daban, neman abin da ake so daban. A na farko ko wasali ban yarda a taɓa ba. A na biyu ƙungiya ce ke ɗaukar wa kanta alƙawari, in sun shirya ɗauka su rubuta, in ba su shirya ba su sa "iya". Ba Hauwa'u ce za ta yanke wannan ita kaɗai a gaban kwamfuta ba, ta kai wa shugabarsu.

Hauwa'u: Zan kai mata duka biyun gobe. Tambaya ta ƙarshe, akwai inda PowerPoint ke ƙirga kalmomin ko sai da yatsa?

Zainab: File, Info, sai Show All Properties, za ki ga Words. Amma na fayil ɗin gaba ɗaya ne har da abin da ke Notes, ba na silayid ɗaya ba, to in kin zuba jimlolin asali a Notes lambar za ta yi tsalle kar ki tsorata. Na silayid guda ki kwafe ki liƙa a Word ya ƙirga miki, ko da yatsan ma, 30 ce fa.

Malam Bashir: Kuma in kin gama kada ki sake gwadawa a kan shugabarku, ta riga ta san amsa yanzu. Ki samu wanda bai san komai a kan bashin ba, ki nuna masa silayid ɗin daƙiƙa goma ki rufe, ki ce ya faɗa miki da bakinsa wa ya yi me, nawa cikin nawa, an yi ko za a yi. Ki riƙe jimlar asali a hannu kina dubawa, duk inda maganarsa ta kauce wa takardar, kalmar da kika cire a wajen ita za ki mayar, ko da za ki cire wata.

Hauwa'u: Ƙanwar maigidana tana nan, ita zan nuna wa da daddare. Shi kuma jami'in zan kira shi in ji ko lambobi irin 45 da 60 suna cikin ƙirgar 30 ɗin, don in ba sa ciki "wata 2" ɗin Hajiya zai shiga ba sai na raba silayid ɗin ba.

Isuhu: In ya ba ki amsa ki faɗa mana, don namu jami'in har kwanan wata yake ƙirgawa.